Saki daga kotun Ingila: me ya sa rajista ke neman shaidar cewa hukuncin ya kammala?

"Barista, barka da aiki. An ɗaura mana aure a Birnin Kebbi a 2018, muka kuma yi na rajista saboda biza, na bi shi Ingila. Zama ya ƙi daɗi, ya rubuta mini saki, na yi idda na gama, shi kuma ya kai maganar kotu a can. Kotun ta turo mini takarda mai kwanan wata 12 ga Satumba 2023, an rubuta Conditional order a samanta. Na dawo gida. Yanzu Allah ya kawo wani, shi ma yana son a yi na rajista domin a waje yake aiki, amma da muka je ofis sai aka ce takardata ba ta isa ba, sai na kawo shaidar cewa hukuncin ya kammala. Ashe saki ma yana da wata kammalawa?" Wata 'yar'uwa daga Birnin Kebbi.

'Yar'uwa, Allah ya sa wannan karon ya zama na zaman lafiya. Ma'aikacin da ya mayar da ke ya yi daidai, kuma ya yi miki gata, ko da kin fito ofishin ranki a ɓace. Takardar da ke hannunki tana nuna cewa alƙalin Ingila ya duba ƙarar, bai ga abin da zai hana a raba auren ba. Ba ta ce an raba ba. Muddin ita ce takarda ta ƙarshe da kotun ta fitar, to a idon dokar Ingila da dokar auren rajista ta Najeriya har yau ke matarsa ce.

Na san maganar tana da nauyi ga wadda ta karɓi saki a rubuce, ta ƙirga tsarkinta uku, ta fita idda. Abin da ya faru shi ne aure biyu kuka ɗaura, kuma kowanne da hanyar da ake kwance shi. Na Musulunci, wanda waliyyinki ya bayar a gaban shaidu, sakin mijin ya kwance shi, idda ta rufe ƙofar kome. Na rajista kuwa bakin miji ba ya kashe shi, ko saki nawa ya furta. Kotu kaɗai ke raba shi, kuma a Najeriya Babbar Kotu ce, ba kotun shari'ar Musulunci ba. Mijinki ya zaɓi kotun Ingila maimakon ta gida, don haka tambayoyi biyu ne a gabanmu: kotun can ta gama aikinta? In ta gama, dokar Najeriya za ta karɓa?

Takarda biyu Ingila ke bayarwa

A Ingila da Wales ana raba aure a mataki biyu. Kafin 6 ga Afrilu 2022 sunan takardar farko Decree nisi, ta biyu Decree absolute. Daga wannan rana aka sauya musu suna zuwa Conditional order da Final order, amma aikinsu bai sauya ba. A sabon tsarin, bayan kotu ta karɓi ƙara sai an jira mako 20 kafin a nemi ta farko. In ta fito, sai a sake jiran mako 6 da kwana 1, wato kwana 43, kafin wanda ya shigar da ƙara ya nemi ta biyun. An bar wannan tazara ne domin ma'aurata su iya sauya shawara, domin a daidaita maganar dukiya, domin kuma duk wanda ya san an yi wa kotu ƙarya ya samu damar fitowa ya faɗa.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne zaton cewa takarda ta biyu tana fitowa da kanta in kwanakin sun cika. Ba ta fitowa, sai an nema. A nan tsarinsu ya bambanta da namu, domin a Najeriya, a ƙarƙashin Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, hukuncin farko yana zama na ƙarshe da kansa bayan wata uku in ba a ɗaukaka ƙara ba kuma an daidaita maganar yara, sai kawai a je wurin magatakardar kotu a karɓi takardar shaida. Wanda ya saba da namu sai ya ɗauka na can ma haka yake, ya naɗe takardar farko ya ajiye a akwati.

Mu ɗauki kwanan watanki. Takardarki ta fito 12 ga Satumba 2023. Kwana 43 daga nan ya kai mu 25 ga Oktoba 2023, ranar farko ke nan da tsohon mijinki zai iya neman Final order. Mai yiwuwa ya nema tun lokacin, kotu ta aiko miki ta imel ɗin da kika daina buɗewa bayan kin dawo, ko ta adireshin gidan da kika bari. Saboda haka kafin ki kashe ko sisi, ki koma imel ɗin da aka turo miki ta farko, ki binciki saƙonnin kotun, ki shiga shafin ƙarar in har kina da lambobin shiga. Lambar ƙarar tana jikin takardar da ke hannunki, kuma da ita za ki iya rubuta wa kotun ki tambaya ko an fitar da ta ƙarshe, ki nemi kwafi a kan kuɗi kaɗan. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa.

In kuwa bai nema ba, ba ki zama fursunarsa ba. Doka ta ba wadda aka yi ƙara damar nema da kanta, bayan wata uku daga ranar da shi ya fara samun dama. A lissafinki wajen ƙarshen Janairun 2024 ke nan, ya wuce tuni. Sai dai naki neman ba danna maɓalli ba ne kamar nasa: za ki shigar da buƙata a rubuce, a sanar da shi, alƙali ya duba, kuma yana iya sa ranar sauraro. Tunda an haura wata 12 da fitowar takardar farko, kotu za ta so bayanin abin da ya jawo jinkirin. Ki faɗe shi yadda yake. Daga Birnin Kebbi ana iya yin wannan, amma lauyan da ke da lasisin aiki a Ingila shi ya kamata ya riƙe miki wannan ɓangaren, domin lasisina a kotunan Najeriya ya tsaya.

Akwai abin da nake so ki tambayi lauyan can kafin komai, don na ga mata sun yi asara a kansa saboda gaggawa. A dokar Ingila, wadda ta sake aure kafin ta shigar da buƙatar rabon dukiya ko kuɗin kulawa daga tsohon miji ta rasa damar shigar da mafi yawan waɗannan buƙatu. In kun sayi gida tare, ko akwai ajiyar da ke da hannunki a ciki, a shigar da maganar kafin ranar ɗaurin aure. Ba kwaɗayi ba ne, haƙƙinki ne, kuma ƙofar in ta rufe ba ta sake buɗewa.

Abin da ofishin rajista yake tsoro

Magatakardar aure ba ya ɗaura wa kowa aure sai an ba da sanarwa, an jira kwana 21, an kuma yi rantsuwa cewa babu abin da ya hana auren a doka. Babban abin da ke hanawa shi ne ɗayan ma'auratan yana da aure a kansa. Dokar 1970 ta ce auren da aka ɗaura a wannan hali ɓatacce ne tun daga tushe, kuma fitowar takardar ƙarshe daga baya ba ta gyara shi. Da an ɗaura miki ranar Litinin, kotun Ingila ta fitar da Final order ranar Laraba, auren Litinin bai ɗauru ba, sai an sake. Matsalar kuma ba a ranar take bayyana ba. Tana fitowa ne bayan shekaru, lokacin da ofishin jakadanci ya jera kwanakin wata biyu ya ga na aure ya riga na saki, ya ƙi bizar, ko lokacin da aka zo rabon haƙƙin ma'aikaci da ya rasu wani ya tono maganar. Ga kuma rantsuwar da kika yi, wadda ta zama ta ƙarya ba da niyyarki ba.

Wasu za su ba ki shawarar ku bar rajistar, a ɗaura na masallaci kawai tunda a addini kin fita idda. A addinance maganar idda haka take. Amma Dokar Aure ta hana wanda ke da auren rajista a kansa ɗaura wani aure ta hanyar al'ada da wani mutum daban, har ta sa hukuncin ɗaurin shekara biyar, kuma lauyoyi da yawa suna ɗaukar hanin ya haɗa da auren Musulunci. Ba kasafai ake gurfanar da mutane a kan wannan ba, amma tunda mai neman naki yana so ya tafi da ke waje, takardun nan za su bi ku duk inda kuka je. Ni dai shawarata a yi haƙuri a gama da na farkon.

To me ake nufi da hukunci ya kammala? Ana nufin ya kai matsayin da ba mai iya juya shi ta hanyar ɗaukaka ƙara ta yau da kullum. Ƙasashe sun kasu a kan yadda suke nuna hakan. A Ingila takarda ta biyun ita kanta ce shaidar, domin wanda ya samu lokaci da damar ƙalubalantar ta farko bai yi ba, ba ya ɗaukaka ƙara a kan ta biyu. Don haka ke ba wata takarda ta uku kike nema ba. In wani ya ce ki kawo wata shaida daban bayan Final order, wasiƙa daga lauyan Ingila da ke bayyana wannan tsari takan wadatar.

A ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, kamar maƙwabtanmu Nijar da Benin, abin daban yake. Hukunci ɗaya alƙali ke yankewa, amma bai zauna daram ba sai wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce ba wanda ya ɗaukaka. Takardar hukuncin ba za ta iya faɗin abin da ya faru bayan an rubuta ta ba, shi ya sa ake komawa wurin magatakardar kotu ya duba littafinsa, ya rubuta shaida cewa ba a ɗaukaka ƙara ba. Sunanta certificat de non-appel. A Faransa kanta wa'adin wata ɗaya ne daga ranar da aka isar wa mutum da hukuncin a hukumance, ana ƙara wata biyu ga wanda ke zaune a wata ƙasa.

Mu da ke bakin iyaka wannan muka fi gani. Na taɓa riƙe maganar wata baiwar Allah daga yankin Kamba da ta yi aure a tsallake, mijin ya tafi ci-rani ya daina aike, ta kai ƙara can, alƙali ya raba auren ba ya nan. Ta zo mini da hukunci mai hatimi, shekara kusan biyu da yankewa, tana mamakin yadda har yanzu ake ce mata bai isa ba. Da muka aika a karɓo shaidar rashin ɗaukaka ƙara, sai aka tarar ba a taɓa isar wa mijin da hukuncin ba. Hukuncin da aka yanke a bayan idon mutum kuwa, wa'adin ƙalubalantarsa ba ya fara tafiya sai an isar masa. Shekara biyun nan ba ta rage mata ko kwana ɗaya ba. Sai da aka nemo inda yake, ma'aikacin isar da takardun kotu ya kai masa, aka jira wa'adin ya cika, sannan magatakarda ya rubuta shaidar. Tun daga nan duk wanda ya kawo mini hukunci daga tsallake, takardar isarwa nake fara tambaya kafin in karanta hukuncin.

Ko Najeriya za ta karɓa

A ce Final order ta zo hannunki. Najeriya ba ta da wani ofishi guda da ake kai sakin waje a yi masa rajista. Sashe na 81 na Dokar Shari'o'in Aure shi ya shimfiɗa sharuɗɗa, in sun cika sakin karɓaɓɓe ne, kuma kotu ba ta sake buɗe shari'ar don ta ga wa ya yi laifi a zaman. Alaƙar ma'auratan da ƙasar da ta yi hukuncin take dubawa.

Sharaɗin farko shi ne wanda ya shigar da ƙarar ya kasance ƙasar ce mazauninsa na dindindin a ranar da ya shigar. In tare suka shigar, ɗayansu ya isa. Mazauni na dindindin a doka ya wuce inda mutum yake kwana yake biyan haya. Wuri ne da ya zauna da niyyar ya zama gidansa ba tare da ranar tashi ba. Ɗan Argungu da ya je Ingila da bizar aiki, yana gina gida a garinsu, yana cewa in ya tara zai dawo, mazauninsa na dindindin Najeriya ne ko ya shekara goma a can. Kotun Ingila kuwa ba ta buƙatar wannan kafin ta saurari ƙara, zama na yau da kullum ya ishe ta. A nan ne giɓi ke iya fitowa: saki ya inganta a can, a nan a yi masa tambaya.

Sashen ya yi wa mata sauƙi, domin matar da ta shigar da ƙara bayan ta zauna a ƙasar shekara uku a jere ana ɗaukar ta a matsayin mai mazauni a can. Ke ba ke kika shigar ba, don haka halin mijin za a duba: wace irin takardar zama yake da ita, ya samu izinin zama na dindindin ko ɗan ƙasa, ya sayi gida, ina iyalinsa da aikinsa suke. In hakan bai fito fili ba, akwai ƙofa ta biyu, domin sashen ya bar tsofaffin ƙa'idojin da kotuna suka gina suna aiki. Daga cikinsu akwai wadda Majalisar Dattawan Birtaniya, a zamanta na kotu, ta kafa a 1967 a shari'ar Indyka, cewa ana karɓar saki in akwai alaƙa ta gaske mai ƙarfi tsakanin mai ƙara da ƙasar. Mutumin da ya shekara da shekaru yana zaune yana aiki a Ingila, a can kuma kuka yi zaman auren, hujjarsa a wannan ƙofa tana da ƙarfi. Inda nake jin tsoro shi ne sakin da aka samo daga ƙasar da ba wanda ya taɓa zama a cikinta da gaske.

Abu biyu ke rusa karɓuwa ko da sharaɗin zama ya cika: a hana mutum damar kare kansa, ko a samo hukuncin ta hanyar zamba. Misalin da ya fi yawa shi ne miji ya ce wa kotu bai san inda matarsa take ba alhali ya san tana gidan iyayenta a Jega, a yi komai a gama ba ta ji ba. Ke tunda takardun kotu suna zuwar miki, da alama an isar miki da ƙarar tun farko. Ki adana wannan saƙo da amsar da kika bayar, su ne shaidar cewa an bi ƙa'ida.

Yawanci magatakardar aure ba ya shiga wannan zurfin, takardar ƙarshe da tabbacin ingancinta yake so. Amma in tsohon mijin ko danginsa suka tayar da gardama, ko wani ofishi ya tsaya kai da fata, hanyar ita ce a je Babbar Kotun Jiha a nemi ta bayyana cewa sakin karɓaɓɓe ne a Najeriya. A can dokar Ingila ba abin da alƙali zai ɗauka ya sani ba ne, sai an kawo masanin dokar ya yi bayani a matsayin shaida, shi ya sa wannan hanya take da tsada da cin lokaci. Ban ga dalilin fara ta ba sai an tilasta ki.

Saura tabbatar da cewa takardar ba ta jabu ba ce. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta sa hatimi ɗaya ke isar wa takarda tsakanin ƙasashe, don haka tsohuwar hanya ake bi. Ofishin tantance takardu na ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya zai fara tabbatar da ita, sannan ofishin jakadancin Najeriya da ke Landan ya sa nasa hatimin, wasu ofisoshin kuma sukan ƙara neman na Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja. Da yake yanzu ta na'ura kotun ke aiko da takardar, wadda kika buga a shagon kwamfuta ba za ta shiga wannan layi haka kawai ba, sai kwafin da kotu ta sa wa hatimi ko wanda lauyan can ya tabbatar. Ki koma ofishin da ya mayar da ke ki roƙi su rubuta miki ainihin abin da suke so, don kada ki biya kuɗin hatimin da ba a nema ba.

Ki kuma duba sunaye harafi da harafi. In Aisha ce a takardar aure, A'ishatu a fasfo, sunan miji a takardar saki, sai an haɗa da takardar rantsuwa daga kotu da ke nuna mutum ɗaya ce, kuma gara a yi ta tun yanzu. Duk wannan amsa na gina ta ne a kan abin da kika rubuto, ban ga takardun ba. Ki kai wa lauya takardar auren rajista ta 2018, da Conditional order, da takardar sakin da ya rubuta miki, da shafin fasfonki mai nuna shigarki da fitarki Ingila. Iyaye kuma a gaya musu kada a tsayar da rana, kada a buga kati, sai Final order ta zo an ga kwanan watan da ke jikinta, domin daga wannan ranar ce za ki iya ba da sanarwar kwana 21 a ofishin rajista.